Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Makarantun Sakandare na Kaduna: Jawabin Ranar Yaye Ɗalibai Bai Isa Ba

Zuwa ga shugabannin makarantun sakandare na gwamnati da na kuɗi a jihar Kaduna, da kwamitocin iyaye da malamai, da manyan baƙin da ake gayyata su yi wa ɗalibai jawabi ranar yaye su.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da ɗawainiyar 'ya'yanmu. Allah Ya saka da alheri.

Ni malami ne da ke koyar da darasin yamma a Tudun Wada, kuma yawancin masu zama a gabana yara ne da suka gama sakandare amma jarrabawa ba ta yi musu kyau ba. A madadinsu nake wannan rubutu, da kuma iyayensu da ke zuwa wurina riƙe da takardar sakamako suna tambaya, "Malam, to yanzu ya za a yi?" Tambayar nan ce ya kamata a ce an amsa musu tun a makaranta. Akwai kuwa rana guda da ɗalibai da iyaye da malamai duk suke zaune ƙarƙashin rumfa ɗaya, wato ranar bikin yaye ɗalibai, amma sai a ɓatar da ita kan maganar da ba ta kai kowa ko'ina.

Kun san jawabin da nake nufi. Babban baƙo zai miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce wa yara kada su karaya ko da sun faɗi, mai haƙuri yakan dafa dutse. Zai kawo labarin Baturen da ya ƙera ƙwan lantarki bayan ya yi ta gwadawa yana kasawa, ya ƙara da nasa labarin na tafiya makaranta ba takalmi. A tafa, a raba kyaututtuka, a ci shinkafa, a watse. Ba na raina niyyar mai jawabin, kuma haƙurin da yake kira a yi gaskiya ne. Kukana shi ne, yaron da aka ce ya daure ba a gaya masa a kan me zai daure ba, ko wace ƙofa zai ƙwanƙwasa, ko yaushe za a rufe ta.

Na farko dai, lokacin jawabin bai dace da lokacin ciwon ba. Ana yin bikin ne wajen watan Yuli, alhali sakamakon WAEC sai Agusta yake fitowa, na NECO kuma ya biyo baya. Ranar biki kowane yaro gani yake ya ci, saboda haka maganar faɗuwa ta wani ce, ba tasa ba. Ranar da sakamako ya fito kuwa, babban baƙo ya daɗe da komawa Abuja, makaranta tana hutu, yaro yana tsaye shi kaɗai a shagon kafe, kuma wanda zai fara ba shi shawara shi ne mai kafen, wanda ribarsa ke cikin sayar da fom.

Kada kuma a ɗauka yaran nan 'yan kaɗan ne. A shekarar 2025, da WAEC ta fara fitar da sakamako, kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta amsa cewa an yi kuskure wajen makin wasu takardu, ta gyara, adadin ya koma kashi 62.96. Ko da gyararren lissafin muka ɗauka, fiye da yaro ɗaya cikin uku bai samu ba. In rumfar bikinku na ɗauke da ɗalibai 300, kuma makarantarku daidai take da sauran ƙasa, sama da ɗari daga cikinsu ke nan. A jarrabawar JAMB ta wannan shekarar kuma, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Jawabin da aka tsara shi don wanda ya zo na ɗaya a aji ya bar wannan taro duka a baya.

Na biyu, kuma nan ne zan fi daɗewa: jawabin yana haɗa kowace irin faɗuwa a buhu ɗaya, alhali ba ɗaya ba ce. Akwai wanda ya sami kiredit bakwai amma Turanci ya kayar da shi. Akwai wanda takardarsa ta sakandare ta cika, makin JAMB ne ya gaza. Akwai wanda bai faɗi komai ba, an riƙe sakamakonsa ne ana bincike. Akwai kuma wanda ya ci duka biyun, amma darussan da ya haɗa ba su ne kos ɗin da ya nema yake buƙata ba. Kowannensu hanyarsa daban, kuɗinsa daban, lokacinsa daban. Idan aka ce musu duka "ku sake gwadawa", uku cikin huɗun za su sake gwada abin da ba shi ne matsalarsu ba.

Bari in kawo misali guda in bi shi daki-daki. Wata yarinya ce daga Rigasa, ba zan faɗi sunanta ba, mahaifiyarta ta kawo ta wurina bayan ta shafe kwanaki a ɗaki ba ta magana da kowa. Burinta karatun aikin jinya. Abin da ta ce da ni kawai shi ne, "Malam, na faɗi." Na ce ta miƙo takardar. Ga abin da ke ciki: Hausa A1, Addinin Musulunci B2, Ilimin Zaman Ƙasa B3, Aikin Gona B3, Bayoloji C4, Lissafi C5, Kemistiri C6, sai Turanci D7, Fizis D7. Kiredit bakwai ke nan cikin darussa tara. Makinta na JAMB kuwa 196.

A tsarin makin WAEC, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, D7 da E8 tsallakewa ce kawai wadda ba ta shiga lissafin neman gurbi, F9 kuma faɗuwa. C6 tana farawa ne daga maki 50, D7 kuwa daga 45 zuwa 49. Wato tsakanin yarinyar nan da kiredit a kowane ɗaya daga darussan biyu bai wuce maki biyar ba. Amma aikin jinya kiredit biyar yake nema a darussa biyar takamaimai: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. A1 ɗinta ta Hausa, duk da kyanta, ba za ta toshe gurbin Fizis ba. Saboda haka gaskiya ne ba za ta shiga a wannan shekarar da wannan takardar ba, amma ba gaskiya ba ne cewa ta faɗi jarrabawa. Darasi biyu ne suka rage mata.

Abin da ba wanda ya gaya mata a makaranta shi ne, yawancin manyan makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Ana iya haɗa WAEC da NECO, ko WAEC ta makaranta da ta 'yan waje wadda aka fi sani da GCE. NECO tana yin tata ta 'yan waje wajen Nuwamba da Disamba, WAEC kuma tana da zagaye biyu, ɗaya a ƙarshen shekara, ɗaya a farkonta. Ba sai ta koma aji shida ta sake sa yunifom ta biya kuɗin makaranta na shekara guda ba, kamar yadda wani ɗan uwansu ya ba da shawara. Rajistar jarrabawar waje za ta yi, ta zuba ƙarfinta kan Turanci da Fizis.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma shi ne abin da nake so kowane mai jawabi ya riƙe. Zama biyu aka ce, ba uku ba. In ta sake zama ta ci Turanci amma Fizis ta sake kufce mata, ba za ta iya zuwa karo na uku ta ɗauko Fizis kaɗai ta haɗa takardu uku ba. A zama na ukun dole ta ci Turanci da Fizis tare, don a haɗa da takardarta ta farko. Na ga yara masu takardu huɗu a jaka, kowace da abin da ta ci, amma babu biyu a ciki da za a haɗa su cika biyar. Waɗannan yaran ba wanda zai ce ba su daure ba. Sun daure shekara huɗu, iyayensu sun biya sau huɗu. Haka kuma akwai kwasa-kwasai, musamman aikin likita a jami'o'i da dama, da ba sa karɓar zama biyu sam, sai an kawo biyar ɗin a zama ɗaya. Wanda burinsa ke can, shi dole ya sake duka biyar, kuma gara ya sani tun kafin ya biya kuɗin rajista.

Sai batun makinta na JAMB. Ta ɗauka tunda ta sami 196 za ta ajiye shi har sakamakon gyara ya fito. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, ba ya tsallakawa zuwa wata. Sakamakon jarrabawar ƙarshen shekara kuma sai a farkon sabuwar shekara yake fitowa, lokacin yawancin makarantu sun rufe ɗaukar ɗalibai. Don haka muka tsara mata: daga Satumba zuwa Nuwamba Turanci da Fizis, daga nan kuma ta juya kan JAMB, ta yi sabuwar rajista a farkon shekara a matsayin mai jiran sakamako, in ya fito ta je cibiyar JAMB da aka amince da ita a ɗora mata shi. Wannan ɗorawar ba ƙaramin abu ba ce. Tun 2017 da JAMB ta kawo tsarin CAPS, ta cikinsa ake ba da gurbi, kuma wanda ba a ɗora sakamakonsa na sakandare ba, ba za a ba shi ba ko da makinsa ya kai. Wanda aka ba shi kuma sai ya shiga ya danna amincewa. Duk shekara sai na haɗu da yaron da yake zaune a gida yana cewa ba a ɗauke shi ba, alhali bai taɓa buɗe shafinsa ya duba ba.

Yarinyar ta sami C5 a Turanci, C6 a Fizis. Duk bayanin da na yi mata a ranar farko bai kai rabin awa ba, kuma babu abu ɗaya a ciki da shugaban makarantarta bai sani ba.

Na uku, jawabin yana cewa "ku ƙara ƙoƙari" ba tare da ya ce a ina ba. Ku ɗauki Turanci, tunda shi ne ya fi kayar mana da yara a nan. Takardar rubutu ta WAEC maki ɗari ce: insha'i 50, fahimtar labari 20, taƙaitawa 30. A cikin hamsin ɗin insha'i, goma na abin da aka faɗa ne, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma kuma na tsabtar rubutu, inda ake cire rabin maki kan kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alamar rubutu. Kuskure ashirin ya cinye goman nan kaf, kuma yaranmu da yawa kafin su gama shafin farko sun yi ashirin. Ana son kalmomi wajen 450, amma yaro zai rubuta ɗari biyu ya tsaya, ya rasa maki ta kowane ɓangare. A taƙaitawa kuwa, sai ya kwafo jimlar da ke cikin labarin sukutum ya ajiye, yana ganin ya amsa, alhali kwafen nan shi ake hukuntawa. Ga kuma takardar furuci, wadda a rubuce ake yin ta, inda ɗan Hausa da bai saba bambanta p da f a baki ba yake zubar da maki a banza.

Yaron da bai san wannan ba, in aka ce ya ƙara ƙoƙari, littafin nahawu zai ɗauka ya yi ta hadda, ya koma ya sake samun D7 ɗinsa. Abin da yake buƙata shi ne ya rubuta insha'i biyu a mako, wani ya bi masa da jan biro yana ƙirga kurakurai, har ya ga adadin yana sauka daga talatin zuwa goma. WAEC da kanta tana fitar da rahoton manyan masu maki na kowane darasi, inda suke faɗin inda ɗalibai suka yi tuntuɓe da abin da ya kamata su yi, kuma yana shafinta na intanet. Ban cika haɗuwa da ɗalibin da ya taɓa jin labarinsa ba. Haka Fizis: wanda zai zauna jarrabawar waje ya sani cewa ba ɗakin gwaji za a kai shi ba, a takarda ake yin ɓangaren gwajin, a ba shi zane ya auna da rula, ya cika jadawali, ya zana giraf. Wanda bai yi atisayen wannan ba zai sha mamaki a zauren jarrabawa. JAMB ma haka: tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar, ba ilimi ne ya gaza masa ba.

Na huɗu, jawabin yana nuna wa yara kamar hanya ɗaya ce, JAMB zuwa jami'a, wanda ya kuskure ta kuma sai ya jira baɗi. Abin ya fi ba ni takaici a Kaduna, domin mu ne muke zaune a tsakiyar sauran hanyoyin. Shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, karatu ne na kusan shekara guda a darussa uku, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Jami'ar tana da makarantar share fage a Funtuwa, Jami'ar Jihar Kaduna ma tana da tata. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Nuhu Bamalli a Zariya, ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya, ga ta kiwon lafiya a Maƙarfi. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar shi ne 150 ga jami'o'i, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi, ko da yake kowace makaranta tana iya ɗaga nata, kuma kos mai cunkoso ba ya samuwa da mafi ƙaranci. Yaro mai maki 160 da ya nemi aikin lauya ba zai samu ba, amma da ya sauya makaranta ko kos a kan lokaci, da yanzu yana aji. Mai difloma ko NCE mai kyau yana iya shiga jami'a daga baya ta hanyar shiga kai tsaye. A gaya wa yaran kuma iyakar waɗannan hanyoyi: IJMB tana tsallakar da mutum jarrabawar JAMB ta shiga aji ɗaya, amma ba ta yafe masa kiredit biyar, kuma akwai cibiyoyin bogi da ke karɓar kuɗi da sunanta.

Wanda kuma zai yi shekara yana jira, kada a bar shi da zaman majalisa. Kasuwar Panteka tana nan, masu walda da ƙira da kafinta suna ɗaukar yara. Na fi samun sauƙin koyar da yaron da ke zuwa darasi daga wurin aiki da ɗan kuɗin motarsa a aljihu, a kan wanda ya wuni yana barci yana jin kunyar fita.

Na biyar, akwai shirun da jawabin yake yi, wanda wasu ke cikewa. In makaranta ba ta gaya wa uba hanya ba, wani zai gaya masa cewa akwai santa ta musamman a wani ƙauye, a biya kuɗi kaza, kiredit tara tabbas. Da yawa daga sakamakon da ake riƙewa daga irin waɗannan wurare suke fitowa, kuma in aka kama santa, har yaron da bai yi satar amsa ba abin yana iya shafarsa. Wanda aka riƙe masa sakamako sai ya jira kwamitin hukumar ya zauna ya yanke hukunci, ko a sake shi ko a soke, kuma hakan na ɗaukar watanni. Shawarar da nake ba irin wannan yaron ita ce kada ya zauna jira, ya yi rajistar jarrabawar waje tun kafin a rufe. In an saki na farko, bai yi asarar komai ba sai kuɗin fom. In an soke, bai rasa shekara ba. Masu cewa a turo kuɗi za su ɗaga maki ko su sako sakamako kuwa, 'yan damfara ne, a faɗi haka da lasifika a gaban iyaye.

A gaya musu kuma cewa hukumomin ma suna kuskure. Ban da gyaran WAEC da na ambata, a watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya nemi afuwa kan matsalar na'ura da ta shafi mutum 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Ba ina cewa duk wanda ya faɗi ya ɗora wa kwamfuta ba. Ina cewa yaron da ya saba cin Lissafi a aji, ya ga F9 ko ya ga gurbin darasin babu komai, ya kamata ya san cewa akwai ofishin da zai koma a makarantarsa a duba a rubuta ƙorafi, kafin ya yanke wa kansa hukunci.

Wani abu kuma da ya shafi 'yan mata. A gidaje da yawa, namiji in ya faɗi ana ba shi dama ta biyu har ta uku, mace kuwa faɗuwar farko ita ce ta ƙarshe, sai a ce tunda karatun bai karɓe ta ba a yi mata aure. Ba aure nake suka ba. Amma uban da aka nuna masa cewa darasi biyu ne suka rage, wata uku ne, kuɗin fom ɗaya ne, yakan sake tunani. Uban nan yana zaune a rumfar bikinku, mai jawabi kuwa bai ce masa komai ba.

Ga abin da muke roƙo.

Ku bar wa babban baƙo mintocinsa, ba mu hana ba, amma ku ware minti ashirin a tsarin bikin ga jami'in jarrabawa na makaranta ko malamin ba da shawara, ya yi bayanin waɗannan abubuwa da Hausa da Turanci, tun kafin a raba abinci. In za a kawo wanda zai ba da labarin kansa, a nemo tsohon ɗalibin makarantar da ya sake zama jarrabawa shekara biyu ko uku da suka wuce, ya faɗi darasin da ya kayar da shi, da abin da ya sauya, da nawa ya kashe. Labarinsa ya fi kusa da yaran a kan na mutumin da ya shiga jami'a lokacin da ake cin kaza a kafteriya.

Wanda zai yi bayanin ya sabunta saninsa kowace shekara. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauta sharuɗɗan shiga, har da cire wajabcin kiredit a Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan adabi da makamantansu. Irin wannan sauyi yana iya buɗe wa wani ƙofa, amma sai an duba kundin kwasa-kwasai na JAMB da sanarwar makarantar da ake nema kafin a gaya wa yaro ya dogara da shi.

Ku buga takarda mai shafi ɗaya ku ba kowane ɗalibi tare da shaidar gama makaranta. A rubuta ma'anar maki, ƙa'idar zama biyu da tarkonta, watannin da ake jarrabawar waje, da gargaɗin cewa lambar wayar da aka nemi lambar rajistar JAMB da ita, da lambar NIN, da adireshin imel, su zama na yaron ne ko na iyayensa, ba na mai kafe ba. Layin nan in ya ɓace ko aka rufe shi, wahalar da ake sha kafin a gyara ba kaɗan ba ce. A kuma duba cewa suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a NIN da WAEC da JAMB, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da yaro a wurin tantancewa.

Babbar buƙatarmu ita ce ku sa rana ta biyu. A cikin mako biyu bayan fitowar sakamakon WAEC, a buɗe makaranta yini guda ko da ana hutu, malamai uku ko huɗu su zauna, kowane yaro ya zo da takardarsa da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, a duba, a rubuta masa a bayan takardar abin da zai sake, da jarrabawar da zai shiga, da ranar rufe rajista. A sake yin haka in na NECO ya fito. A sanar da wannan rana tun a wurin bikin yaye, domin yaro ya san cewa ko me ya gani a allon kafe, akwai inda ake jiransa. Kwamitin iyaye da malamai zai iya ɗaukar kuɗin motar malaman da abincinsu, bai kai kuɗin hayar rumfa da kujeru ba.

Muna kuma roƙon a bar wa masu gyaran jarrabawa aji ɗaya da yamma daga Satumba zuwa Nuwamba, da izinin shiga ɗakin kwamfuta inda akwai shi, ko sau ɗaya a mako. Makarantun kuɗi da ke manna hotunan waɗanda suka ci A1 a bakin ƙofa, su ma su riƙe sunayen waɗanda ba su ci ba, su kira iyayensu a waya. Kuɗin makaranta ɗaya suka biya.

Ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha kuma, takardar umarni guda zuwa ga shugabannin makarantu ta isa ta mayar da wannan rana ta duba sakamako wani ɓangare na kalandar karatu. Mu malaman darasin yamma a Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Rimi a shirye muke mu zo mu zauna a teburin ba tare da an biya mu ba, in aka sanar da mu ranar da wuri.

Na gode da sauraro. Allah Ya ƙara muku lafiya.

Naku,
Wani malamin darasin yamma,
Tudun Wada, Kaduna.